Gudaji a Tuwon Shinkafa: Kafin Ki Zargi Muciya, Fasa Gudajin Ki Duba Cikinsa

A Maradi mu mutanen hatsi ne. Hannunmu ya saba da tuwon gero da na dawa, shi ya sa yarinya 'yar shekara goma sha biyu za ta tuƙa miki tuwon gero sumul, amma ranar da aka miƙa mata shinkafa aka ce ta yi tuwon baƙi, sai ki ga malmala ta fito da ƙulle-ƙulle kamar an cusa mata tsakuwa. Abin da ake fara cewa kullum shi ne ba ta da ƙarfin hannu, ba ta tuƙa sosai ba. Na daɗe ina girkin suna da na biki, kuma na ga mata masu damtse sun tuƙa har gumi ya jiƙa musu zane, gudajin yana nan inda yake. Matsalar ba a damtse take ba. Yawancin gudajin tuwon shinkafa an riga an haife shi tun kafin muciya ta shiga tukunya.

Gwaggona ce ta koya mini dabarar da har yau nake aiki da ita. In tuwo ya yi gudaji ba ta faɗa, sai ta tsamo guda ɗaya da yatsa, ta fasa shi a tafin hannu, ta ce, “Ɗiyata, diba nan, shi da kanshi za ya gaya miki laihinki.” Da gaskiyarta. Abin da muke haɗawa mu kira gudaji ba abu ɗaya ba ne, kuma kowanne da inda yake fitowa. Wani in kin fasa shi za ki tarar da busasshen gari fari fat a ciki. Wani ƙwayar shinkafa ce da ba ta nuna ba, tsakiyarta da ɗan farin ido mai tauri. Wani kuma ba gari ba ƙwaya, dunƙule ne mai taurin roba, wani lokacin da duhu-duhu. In ba ki san wanne ne a tukunyarki ba, gyaran da za ki yi yana iya ƙara ɓata tuwon.

Bari mu fara da na ƙwaya, don shi ya fi yawa a gidajenmu, tunda mafi yawanmu da shinkafa zalla muke tuwon, ba da garinta ba.

Ƙwayar shinkafa kusan duk sitaci ce, kuma sitaci ba ya laushi sai ruwa da zafi sun haɗu a kansa. Yana fara kumbura ne idan zafi ya kai wajen digiri 60 zuwa 78, gwargwadon irin shinkafar, amma zafin kaɗai ba ya isa, dole ruwa ya ratsa har tsakiyar ƙwayar. Zafi yana shiga ƙwaya nan da nan, ruwa kuwa a hankali yake ratsawa, daga baya zuwa ciki. Shi ya sa za ki ga bayan ƙwayar ya yi laushi har ya fara fashewa alhali cibiyarta ɗanya ce. Idan kika sa muciya a wannan lokacin, bayan ƙwayoyin ne yake narkewa ya zama kunu mai kauri, kunun ya shanye sauran ruwan da ke tukunya, cibiyoyin kuma su rasa ruwan da za su ƙarasa nuna da shi. Daga nan kin kulle su. Ko awa za ki yi kina tuƙi, ƙwayar da ba ta sha ruwa ba zamewa take yi a ƙarƙashin muciya, ba ta murƙushewa.

Don haka aikin farko a kasuwa yake. In kin shiga Babbar Kasuwa za ki tarar da shinkafa kala-kala, da ta bakin kogin Kwara daga wajen Tillaberi da Gaya, da wadda ake shigowa da ita daga ƙasashen Asiya, da wadda ke tsallakowa daga Najeriya. Abin da za ki duba ba sunan da ke jikin buhu ba ne, launin ƙwayar ne. Shinkafar tuwo fara ce kamar alli, in kin danna ta da haƙori ta karye nan take ta bar gari-gari a baki. Wadda aka turara tun tana cikin ƙaiƙayinta kafin a casa ta, mai launin ruwan zuma, mai sheƙi kamar gilashi, ita ce ake so a dafa-duka saboda tana warwarewa, kuma wannan halin nata shi ne abin da ya hana ta zama tuwo. An riga an dafa sitacinta sau ɗaya ya bushe ya ƙanƙame, ba ya sake narkewa ya kama ɗan'uwansa yadda ɗanye yake yi. Karyayyar farar shinkafa, wadda wasu ke rainawa saboda arha, ita ce sarauniya a wannan fage, domin ruwa yana ratsa rabin ƙwaya da sauri fiye da cikakkiya. Sabuwar shinkafa ma ta fi tsohuwa danƙo da saurin laushi. Wadda ta daɗe a sito tana neman ƙarin ruwa da ƙarin lokaci.

Abin da ya fi siyan mummunar shinkafa muni shi ne haɗa iri biyu a tukunya ɗaya. Zan dawo kan wannan, don ya taɓa kunyata ni a gaban jama'a.

Bayan kin wanke ta kin rege tsakuwa, ki jiƙa ta. Awa ɗaya ta isa ga farar shinkafa, tsohuwa kuma ki ba ta biyu. Mutane suna tsallake wannan saboda sauri, alhali shi ne yake kai ruwa tsakiyar ƙwayar tun wuta ba ta taɓa ta ba, ta yadda ciki da waje za su nuna kusan tare. Alamar ta jiƙu ita ce ki murza ƙwaya tsakanin yatsu biyu ta ruguje.

Ga awon da nake yi wa gida mai mutum shida zuwa takwas. Gwangwani 4 na shinkafa, ruwa gwangwani 12, wato ɗaya da uku, da wannan gwangwanin dai da kika auna shinkafar. Sannan in ɗora ƙaramar tukunya ko buta a gefen murhu da ruwa kamar gwangwani 3, ya zauna da zafinsa. Wannan ruwan na gefe shi ne rabin sirrin. Idan babban ruwan ya tafasa sai in tsane shinkafar in zuba, in juya sau ɗaya kawai don kada ta kwanta a gindi, in bari ya sake tafasa, in janye icce wuta ta koma matsakaiciya, in rufe. Daga nan muciya ta huta. Minti 35 zuwa 45 take ɗauka, kuma a tsakani ina buɗewa in duba ruwa; in ya ja baya ƙwayar ba ta yi ba, in ƙara daga na gefe. Ruwan sanyi ba ya shiga tukunyar nan. Yana kashe tafasa, ya sa bayan ƙwayar ya ƙanƙame, kafin tukunya ta dawo hayyacinta wani ɓangare ya wuce wani.

Gwajin nuna ba da ido ake yin sa ba. Ki ɗebo ƙwaya daga sama, ba daga ƙasa ba, domin ta sama ce ke nuna a ƙarshe, ki murza ta da babban yatsa a bayan murfi ko a tafin hannu. In ta shafe kamar man shanu ba ki ji komai a ƙarƙashin yatsa ba, ta yi. In kin ji ɗan tsaki komai ƙanƙantarsa, ki ƙara ruwan zafi kaɗan ki rufe. Shinkafar da za a ci da miya a wannan matakin an ce ta caɓe ta lalace, ta tuwo kuwa yanzu ta isa.

Akwai wani abu da na daɗe ban gane ba game da lokacin fara tuƙi. Da ina tsammanin in da sauran ruwa a tukunya tuƙin zai fi sauƙi. Sauƙi kam yana yi wa hannu, amma tuwon ba ya yin laushi, domin a cikin ruwa ƙwaya iyo take yi, muciya ta zo ta kauce mata. Murƙushewa tana faruwa ne idan tuwon ya yi kaurin da zai riƙe ƙwayar wuri ɗaya, muciya ta matse ta da jikin tukunya ko da 'yan'uwanta. To amma in kika bari ya tsotse ƙaf har saman ya bushe, nan ma kin makara, muciya ba ta ratsawa sai dai ta yanka shi gunduwa-gunduwa. Lokacin da ake nema shi ne sa'ad da ruwa ya daina kwanciya a sama, ƙananan ramuka suka bayyana suna huci, amma fuskar shinkafar tana nan da danshi tana sheƙi.

A nan sai a rage wuta sosai. A murhun icce a janye itatuwan a bar garwashi, a gas kuma a mai da shi can ƙasa. Tukunyar alminiyon mai kauri irin ta maƙeranmu, mai zagayayyen gindi, ta fi tukunyar kanti mai fale-falen jiki, saboda ba ta da lungun da tuwo zai ɓuya wa muciya, kuma ba ta saurin kamu. Tuƙin kansa ba zagaye ba ne irin na dama kunu. Muciya za ki kai can gefen da ke nesa da ke, ki janyo tuwon zuwa gabanki, ki matse shi da bangon tukunya, ki juyo shi, ki sake komawa. Bangon nan shi ne dutsen niƙanki. Ki tuƙa ɓangare guda har ya haɗe, ki juya tukunyar kaɗan ki kama na gaba. Kada ki kankari gindi da ƙarfi. Siririn ƙanzon da ya kwanta a can ki bar shi, yana kare sauran tuwon daga ƙuna, kuma yara suna jiransa. Minti biyar zuwa bakwai na tuƙi mai kyau ya ishi wannan awon. Sai ki share jikin tukunya da muciya ki tattara tuwon a tsakiya, ki yayyafa ruwan zafi kamar rabin gwangwani ta gefe-gefe, ki rufe ya sulala minti goma. Ki buɗe ki sake tuƙawa. Wannan tuƙi na biyu shi ne yake fitar da santsi da danƙo, kuma duk ƙwayar da ta tsere a karon farko turiri ya riga ya karya mata taurin kai.

Gudajin gari kuwa labarinsa gajere ne, kuma duk wadda ta taɓa tuwon masara ta san shi. Idan dunƙulen busasshen gari ya faɗa cikin abu mai tafasa, bayansa yana nuna nan take ya zama fata mai yauƙi, fatar nan ta hana ruwa shiga, garin ciki ya zauna a bushe kamar an ƙulle shi a leda. Garin shinkafa ya fi na gero wannan hali. A tuwon shinkafa yana zuwa ne ta hanya biyu: ko dai ana tuwon da gari tun farko, ko kuma shinkafar ta yi ruwa aka ce a ɗaure ta da gari. In da gari za ki yi, ki tankaɗe shi, ki ɗebi kamar kashi ɗaya cikin uku ki dama da ruwan sanyi har ya zama ba ƙulli ko ɗaya, ki zuba a tafasasshen ruwa kina juyawa, wato talge, wasu su ce ruɗe. A ruwan sanyi sitaci ba ya kumbura, shi ya sa garin yake rabuwa ɗaya-ɗaya kafin zafi ya same shi. Ki bar talgen ya dahu minti goma ko fiye, har ƙamshin ɗanyen gari ya tafi. Sauran garin kuma barbaɗa shi ake yi kaɗan-kaɗan a faɗin tukunya, hannu ɗaya na barbaɗawa ɗaya na tuƙi, ba a ƙara wani sai na farko ya ɓace. In ɗaure tuwo za ki yi, ni na fi son a dama garin da ruwa kaɗan ya yi kauri a zuba, a kan a watsa shi a bushe, sannan dole a ba shi sulala mai kyau, in ba haka ba tuwon zai yi gari-gari a harshe kuma ba ya kwana.

Na uku, mai taurin roba, daga sanyi da bushewa yake zuwa. Tuwon da ya manne a saman bangon tukunya ko a jikin muciya yana hucewa ya bushe ya yi ɓawo, in ya faɗa ciki ba ya sake narkewa. A lokacin hunturu, da muke girki a tsakar gida iska na kaɗawa, wannan yana faruwa cikin 'yan mintoci: ki bar tukunya a buɗe ki je amsa sallama, ki dawo saman ya yi fata. Iskar kuma tana kora wuta gefe guda, rabin tukunya na ƙuna rabi na sanyi. Ki kare murhu da kwano ko tabarma nesa da wuta, ki riƙa tsoma muciya a ruwan zafi kina goge ta tsakanin tuƙi da tuƙi. In gudajin ya zo da duhu da ƙauri, ƙanzo ne kika kankaro.

Yanzu ga abin da ya same ni. Sunan wata maƙwabciyarmu ne a unguwar Zariya, aka ba ni tuwon rana, shinkafa tiya uku. Ban tsaya na duba ba, ashe tiya biyu farar karyayya ce da maigidan ya siyo, ɗayar kuma gudummawa ce wata ta kawo, turarriya, yara suka juye su a roba ɗaya suka wanke. Ba a jiƙa ba, don an makara. Bayan kamar minti arba'in farar ta narke ta zama kunu, ta shanye ruwa, turarriyar tana tsaye ƙyam a ciki. Wata mai taya ni ta ga tukunya na neman kamu ta kwarara ruwan randa. Tuwon ya saki ya yi ruwa, wata kuma ta ce a ɗaure shi, ta juye kwanon gari gaba ɗaya a tsakiya. Kin ga cikin kwata ɗaya mun tara gudaji iri biyu a tukunya guda, muna tuƙi mu uku bi da bi, babu abin da ya canza sai ƙauri da ya fara tashi.

Wata dattijuwa daga dangin mai jego ta zo ta tsaya a kanmu. Na ce, “Inna, ki gafarce mu, tuwon nan ya ƙi.” Ta ce, “Ku aje muciyar nan, kun gaji kun gajiyar da shi.” Ta fasa gudaji biyu ta duba, kamar yadda Gwaggo take yi, sannan ta sa aka sauke tukunyar. Aka kwashe tuwon aka raba shi tukunya biyu ba tare da an taɓa gindin da ya kama ba. Manyan ƙullin gari, da yake a wuri ɗaya aka juye shi, aka tsince su da ludayi aka fitar, aka murje su a rariya da ruwan ɗumi suka koma kamar talge, aka mayar. A kowace tukunya ta soka muciya ta yi ramuka biyar ko shida har ƙasa, ta cika su da tafasasshen ruwa, ta rufe da leda mai kauri sannan murfi, a kan garwashi zalla. Ta ce kada wanda ya buɗe sai ta dawo daga alwala da salla. Ya kai minti ashirin. Da aka buɗe aka tuƙa kowace tukunya dabam, tuwon ya haɗe, ya kwasu da mara, ya yi malmala.

Ba zan ce ya yi sumul ba. Gudajin gari ya tafi gaba ɗaya, amma turarriyar shinkafar, duk da ta yi laushi, ana jin ta ƙwaya-ƙwaya a baki, domin irin wannan ba ta narkewa ta zama ɗaya da sauran ko an kwana ana turara ta. Da a ce ita kaɗai ce ke gare mu tun farko, da sai a jiƙa ta tun dare, ko a kai inji a ɓarza ta, ko a kirɓa ta a turmi bayan ta dahu, kuma ko da haka tuwonta ba ya kai na fara danƙo. Ranar miyar taushe ce ta rufa mana asiri.

Akwai masu zuba mai cokali ɗaya ko biyu a ruwan tuwo suna cewa yana hana gudaji. Yana rage kumfa da mannewa a jikin tukunya, yana sa malmala sheƙi, amma bai taɓa nunar da ɗanyar ƙwaya ba. Kanwa tana saurin lausasa shinkafa, sai dai tana juya farin tuwo ya koma rawaya-rawaya ta kuma bar ɗanɗanonta, ni ba na sa ta.

Wajen kwasa ma ana iya ɓata aikin da aka gama. Ki kwashe da zafinsa, ki riƙa tsoma mara a ruwa mai tsabta, ki mulmula a ƙwarya mai danshi ko ki ƙulla a leda ki jera a kula ki rufe. Tuwon shinkafa yana ƙara tauri in ya huce, don haka ki sauke shi yana ɗan sassauci fiye da yadda kike son a ci shi. In za a ɗumama na jiya da safe, a turara malmalar yadda take a kan ruwa mai tafasa. In aka farfasa ta cikin ruwa aka ce za a sake tuƙawa, gunduwoyin da suka kwana suka ƙanƙame ba sa komawa su haɗe, sai ki samu gudajin da jiya babu shi.